Garken Ɓoɓɓo a Cikin Rabin Duro

Gidan Hajiya Iyatu da ke unguwar Hausawa ta New Bell a birnin Duwala ɗakunan haya ne a jere, sun kewaye tsakar gida ɗaya da aka shafe da siminti tun zamanin marigayi mijinta. Ni Jibirilla tela, keken ɗinkina a zauren gidan yake, don haka duk mai shiga ko fita ta gabana yake bi. Abin da ban gani da idona ba kunnena ya ji, domin gidan nan ko tari aka yi a ɗakin ƙarshe ana jin sa a bakin titi.

A wannan gida na san Ɓoɓɓo. Ba zan ce muku mutum ne mai daɗin zama ba. Dogo ne siriri, Bafulatanin Adamawa daga wajen Ngaundere, gaisuwarsa gajera, dariyarsa kuwa na shekara ban ji ba. Ko shayi ka miƙa masa sai ya ce ya ƙoshi, alhali kana jin cikinsa na ƙugi. A da makiyayi ne mai garke, irin waɗanda ke loda shanu a jirgin ƙasa su sauko da su Duwala. Sai shekarun nan na masu satar mutane suka zo. An ɗauke ƙanensa, ya sayar da shanu ya fanso shi. An ɗauke ɗan ƙanen, ya sake sayarwa. Kafin a ankara sanda kawai ta rage a hannunsa. Da ita ya sauka Duwala, ya yi dako a kasuwar Sandaga har bayansa ya ƙi.

A kasuwar ya haɗu da Pa Liyonga, wani tsohon manomi daga ƙauyukan Buya, wanda rikicin yankin masu Turancin Ingilishi ya koro zuwa unguwar Bonaberi da ke tsallaken gada, yana raɓe a wurin 'yarsa kusa da kasuwar Grand Hangar. Yadda suke fahimtar juna Allah kaɗai ya sani, wannan da Pijin, wancan da guntun Faransanci da Hausar da ba ta san mace da namiji ba. Amma wanda ya rasa gona da wanda ya rasa garke ba sa bukatar tafinta. Da Pa ya gudo, bai ɗauko komai ba sai bokiti ɗaya na jajayen tsutsotsi, irin tanar da ake kiwo tana cin shara tana yin taki. Ya ɗebar wa Ɓoɓɓo cikin gwangwanin madara ɗaya, ya nuna masa yadda ake yi, bai karɓi ko sisi ba.

Pa kyauta ya yi, amma Ɓoɓɓo ba haka ya ɗauka ba. A wurin Fulani akwai abin da suke kira haɓɓanaye: in mutum ya rasa garkensa, ɗan'uwa ya ara masa saniya, ya kiwata ta haihu, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar cikin ƙoshi. Da Ɓoɓɓo ya tsiyace ba wanda ya ɗaura masa ko maraƙi a danginsa, kowa na ta kansa. Sai ga wani baƙo ɗan kudu, wanda ko salla ba ya yi, ya miƙa masa iri. Tun ran nan ya rubuta a ransa cewa wannan gwangwani aro ne, kuma ranar da Pa ya nema zai mayar da shi a cike.

Ranar da ya shigo da rabin duron roba a ka, na tambaye shi ko wanki zai fara. Ya wuce ni. Ya kai shi lungun da ke bayan ɗakinsa, ƙarƙashin inuwar kwano, inda rana ba ta taɓawa kuma feshin ruwa ba ya kaiwa. Ya ɗumama ƙusa a wuta ya huda gindin da gefen, ya ɗora shi a kan benci, ya sa ƙafafun bencin cikin gwangwanaye da ruwa don kada tururuwa su hau. Sannan ya zauna yana yayyaga kwali yana jiƙawa, ya haɗa da busasshen ganyen ayaba da tsohon kashin shanu wanda ya daɗe da hucewa. A kan wannan shimfiɗa ya juye gwangwanin. Na leƙa na ga abin yana mutsu-mutsu, ja-ja, suna nutsewa don gudun haske. Na yi maza na koma kan kekena.

Kafin la'asar labari ya kai wa Hajiya. Ta fito tana gyara mayafi. Mace ce gajera mai jiki, 'yar asalin Kano amma kakanta aka haifa a Duwala, kuma ta ɗauki kowane ɗan haya a matsayin wanda ya zo cin arzikinta.

“Malam Ɓoɓɓo, ɗaki na ba ka haya ko maƙabarta? Tsutsa a gidana, inda ake alwala?”

“Hajiya, ba shi wari. Ba shi cizo. Shara kawai yana ci.”

“To ni ce bailleur a nan, ni ce mai gida. Ranar da na ji wari, kai da su za ku bi kwata ɗaya.”

Ta kai hanci bakin duron tana neman warin, ba ta samu ba. Ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka ne kawai ke tashi. Wannan rashin warin shi ya fi ƙona mata rai, domin da akwai shi da ta sami hujja.

Daga nan aka laƙaba masa Arɗon Tsutsa. Matan gida in ya wuce sai su ce, “Arɗo, an yi tatsa kuwa yau?” Ni ma na sha faɗa, don sunan ya zauna. Shi kuwa ko gezau. Kiwo yake yi da gaske, kamar yadda ya saba. Da hantsi zai zaga wurin masu tuyar ayaba da masu shayi da masu kayan miya, ya kwaso ɓawon ayaba, ganyen shayi da aka gama dafawa, tukar kofi, ruɓaɓɓen kabeji, ɓawon gwanda. Ya zauna ya yayyanka ƙanana, ya bar su su ɗan yi laushi, ya tona gefe ɗaya ya binne, ya rufe da jiƙaƙƙen kwali. Ba ya ƙara wani sai ya ga na farko ya kusa ƙarewa. In ya ba su a wannan kusurwa, karo na gaba sai waccan. Ɓawon ƙwai kuwa sai ya daka shi lukui ya barbaɗa.

Abin da ya hana su ya fi abin da ya ba su yawa. Ba gishiri, ba mai, ba nama ko ƙashin kifi, ba ragowar miya, ba toka. Albasa da barkono da ɓawon lemo, in ma sun shiga, to kaɗan. Da matan gida suka gane cewa akwai wanda ke kwashe musu shara kyauta, sai suka fara tara masa a kwando, amma suna haɗawa da ƙanzon shinkafa da miyar jiya. Ya zauna ya tsince ɗaya-ɗaya ya mayar musu a ƙofar ɗaki. Wannan ya jawo masa baƙin jini fiye da tsutsar. A ce mutumin da ba shi da rigar Juma'a biyu shi ne ke dawo wa mace da shararta, wai ba ta kai ba.

Babban yaƙinsa da ruwa ne. Mutumin arewa ya saba abin da ke kashe kiwo ƙishi ne, a Duwala kuwa iska ma jiƙe take. Da farko shi ma ya yi ta yayyafi kullum, har ƙasan duron ya zama taɓo, tsutsotsin suka hau bango suna neman fita. Pa ya zo ya gani ya yi masa faɗa kamar yaro. Tun daga nan Ɓoɓɓo ya koyi gwaji da hannu: ya damƙi shimfiɗar ya matse. In ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu, daidai ne. In ruwa ya zubo, sai ya ƙara busasshen kwali, ya ɗaga shimfiɗar a hankali iska ta shiga, ya zura tsinke ya buɗe hudojin ƙasa. In ya matse ta wargaje a bushe, ya yayyafa kaɗan da tsintsiya. Ya taɓa ce mini da fata suke numfashi, bushewa ta kashe su, taɓo ma ya shaƙe su. Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini, kuma ban tambaye shi ba.

Bayan wata uku zuwa huɗu cikin duron ya koma baƙi, mai laushi kamar garin kofi. Wannan shi ne kashin tsutsar, shi ne takin. In zai kwashe, sai ya daina ba su abinci a ɓari ɗaya, ya tara sabo a ɗaya ɓarin, ya jira mako biyu ko uku har yawancinsu su ƙaura. Sannan ya ɗebo ɓarin da suka bari, ya yi 'yan tsibi-tsibi a kan buhu a wurin da haske yake. Waɗanda suka rage sai su nutse ƙasan tsibin, ya share saman da gefen hannu, ya jira, ya sake sharewa, har a ƙarshe ya iske su a dunƙule ya mayar. Takin ya tankaɗe da rariya, yana tsintar ƙwayayensu, wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu ruwan ɗorawa da ba su kai ƙwayar dawa ba. Komai kaifin idonsa wasu suna wucewa. Sai ya baza takin a inuwa ya sha iska, kada ya bushe ƙayau.

Da takin zamani ya yi tsadar da talaka ba ya iya taɓa buhu, sai ga masu lambun unguwar Kotto da masu sayar da furanni a bakin titi suna sallama a zaure suna neman Arɗo. Duro ɗaya ya zama uku. Ya daina makara da kuɗin ɗaki. Kuna tsammani wannan zai sanyaya ran Hajiya? Sai ma ta ƙara tsanarsa. Ɗan hayan da ba ya roƙon a ɗaga masa ƙafa ba shi da wani amfani a wurinta. Ta ce sharar gidanta ce ke ciyar da shi, don haka tana da kaso. Ya ce shara ta kasuwa ce. Ta ce inuwar fa? Ya ce inuwar tana cikin haya. Wata rana ta aiko a ɗebar mata takin don tukwanenta, ya ce ba a ɗiba, sayarwa ake yi. Ni a ganina nan ya yi wauta, domin cikin kwano ɗaya ba zai tsiyata shi ba. Amma hali zanen dutse.

Hajiya tana da tukwane a bayan ɗakinta, tsofaffin bokitai da ta shuka attaruhu da na'ana'a da ɗoɗɗoya, tana zubar musu da ganyen shayi da ɓawon kayan miya a gindi. Shekara da shekaru a ƙanjame suke. Sai ga shi a wannan shekara sun yi kore shar. Ta ce hannunta ne mai albarka. Ɓoɓɓo kuma ya fara ƙorafin takin da ya baza yana raguwa, ya zargi kaji, ya zargi masu lambu, har ni ya yi wa wani kallo.

Ana saura kwanaki kaɗan Babbar Salla, tsakiyar damina, Pa Liyonga ya zo. Ya rame. Ruwa ya shiga gidan 'yarsa a Bonaberi ya tafi da bokitansa duka, bai tsira da tsutsa ko ɗaya ba. Ya ce ya sami wani ɗan fili aro a hanyar Mbanga, zai koma noma, ba shi da halin sayen taki. Ya tsaya a zaure yana murza hula.

“Ma broda, if you fit help me small,” ya ce, yana nuna tafin hannunsa. Kaɗan kawai yake roƙo.

Ban taɓa ganin fuskar Ɓoɓɓo ta yi haske irin na ran nan ba. Ya kama hannun Pa da hannu biyu.

“Ba help ba. Naka ne. Bayan Salla ka zo, ka shirya wurinsa. Ba gwangwani ba, bokiti cike.”

Da ya ɗebar masa a ranar da an huta. Amma Pa bai haɗa wurin zuba su ba tukuna, shi kuma Ɓoɓɓo ba ya son mayar da aro a wulaƙance. So yake su gama ƙaura ɓari ɗaya, ya zaɓo manya masu ƙiba, ya haɗa da shimfiɗa da ƙwayaye, kamar yadda ake mayar da saniya da sheƙi a jikinta. Takin da ke hannunsa ya sayar wa 'yan Kotto tas. Jajibirin Salla ya duba danshi, ya rufe durorin, ya tafi unguwar Cité des Palmiers wurin wani ɗan garinsu mai gadi, ya ce sai bayan kwana biyu.

Ni ma ranar Salla daga Idi gidan surukaina na wuce. Abin da ya faru na ji shi daga bakin kusan kowa a gidan, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

A al'adarmu in an yanka ragon layya rami ake tonawa, jini ya shiga, a juye abin da ke cikin tumbi da hanji a ciki, a rufe. Amma tsakar gidan Hajiya siminti ce, kuma ɗan wurin da ke da ƙasa a bayan bayi, a wannan lokaci na shekara, kana sara shi ruwa ke ɓulɓulowa. Kwatar waje ta cika ta batse, maƙwabta sun riga sun yi kashedi. Raguna huɗu aka kayar a gidan. Suhaib, babban ɗan Hajiya, magidanci da gemunsa, ya tsaya da bahon ƙazantar tumbi yana tambayar inda za a kai.

Hajiya ta ce, “Ga rami har uku a lungu, an yi musu murfi.”

Wata 'yar haya ta ce, “Hajiya, mutumin nan ko ƙanzo ba ya sa musu.”

“Ba kashin shanu ya zuba musu ba da farko? Wannan ciyawa ce daga cikin rago. Yau Salla, su ma su ci nama.”

Aka yi dariya. Suhaib ya raba wa durorin uku, ɗanye da ɗuminsa, da jinin da aka tara, da ruwan wankin hanji. Da yamma aka shafe fatu da gishiri don kada su ruɓe, aka share abin da ya zube a siminti aka ƙara a kai, aka mayar da murfi aka danne da dutse saboda ƙuda. Daga baya Hajiya ta yi ta cewa ba ta sani ba. Matar da ta shekara biyu tana kallon mutum yana tsince ƙashin kifi daga shara, ita ce ba ta sani ba.

Kashin shanun da ya tsufa daban, abin cikin tumbi ɗanye daban. Na tumbin zafi yake ɗauka yana ruɓewa, jinin ya toshe hudoji, gishirin ya gama da sauran. Da na dawo washegari wari ne ya tare ni tun daga bakin titi. Tsutsotsin da suka sami kafa ta hudojin gefe sun fito sun faɗo kan siminti, kaji sun yi Sallarsu, ragowar sun bushe kamar zaren da na yanke na zubar.

Ɓoɓɓo ya dawo rana ta uku da hantsi, riƙe da ƙullin nama. Ya ajiye shi a kan kekena ya nufi lungu. Ya ɗaga dutsen, ya buɗe, tururi ya taso. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gwiwa cikin wannan ruɓa, yana tonawa yana dubawa, duro bayan duro, har azahar. Ko ɗaya mai motsi bai samu ba. Ƙwayayen da ya tsinto sun dahu sun yi baƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kasa taka keke.

Hajiya ta fito ta toshe hanci. “Na faɗa maka tun farko, ranar da na ji wari za ka bar mini gida. To ga shi.”

Ya ɗago ya dube ta. Na ɗauka zai yi abin da za a kira 'yan sanda. Sai kawai ya ce, “Hajiya, ba nawa ba ne ka kashe. Aro ne.”

“Aron tsutsa? Ka je kwata ka tono wasu, ga su nan birjik.”

Wannan ba a yi. Tanar kwata da ta lambu cikin ƙasa take zama, ba ta zama a duro. Ya bi masu lambun Kotto ko takin da ya sayar musu ya rage, suka ce sun baza a kunya, rana da kaji sun bi ta kai. Pa ya zo, ya ga durorin a kife, ya dafa kafaɗarsa ya ce ba komai, na so life dey, wato haka rayuwa take. Wannan ba komai ɗin ya fi zagi ciwo a wurin Ɓoɓɓo. Ya ce wa Pa ya ba shi lokaci. Ya daina fita, ya daina cin abin kirki. A wurinsa mutumin da saniyar aro ta mutu a hannunsa da sakacinsa ba ya sake zama cikin maza, ko da saniyar tsutsa ce.

Wajen mako uku bayan Salla aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwana da wuni. Iska ta tuntsurar da ɗaya daga bokitan Hajiya, ya mirgino tsakar gida ya fashe. Da aka ɗauke ruwan, Ɓoɓɓo ya fito zai yi alwala, ya tsaya cak. Cikin baƙar ƙasar da ta zube, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganyen shayi, ga jajayen tsutsotsi suna mutsu-mutsu, manya da ƙanana. Ya durƙusa ya murza ƙasar a yatsunsa. Takinsa ne, tankaɗaɗɗe. Ƙwayayen da suka tsere wa rariya sun ƙyanƙyashe a can, sun sami abinci a gindin attaruhu sun zauna. Duk gidan aka fito aka gani, kuma kowa ya gane inda takin da ake shanyawa yake tafiya.

Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Hajiya ta fito da faɗa tun kafin a ce mata kanzil.

“Ɗauke hannunka daga tukunyata. Abin da ke cikin tukunyata nawa ne.”

Ɓoɓɓo, wanda ban taɓa ganin ya roƙi ko ashana ba, ya ce, “Hajiya, don Allah. Gwangwani ɗaya. In mayar wa mai shi.”

“Wato ni ɓarauniya ce, ko? Haka kake so a tafi da shi kasuwa?”

“Ban ce ba.”

“To faɗi a gaban mutane. Ka ce kai ka ba ni takin da hannunka. Ka ce abin da ya faru ran Salla ƙaddara ce, ba ruwan kowa. In ba haka ba, yanzu Suhaib ya dafa ruwa in kwarara wa tukwanen nan duka, kowa ya huta.”

Na ce, “Haba Hajiya, a ji tsoron Allah.” Ta ce in ina son zaure in yi shiru da bakina, in ba na so akwai telolin da ke jira. Suhaib kuwa har ya ɗora tukunya a kan gas.

Ɓoɓɓo ya miƙe, ya dubi bango, ba mutane ba.

“Ni na ba Hajiya taki. Abin Salla ƙaddara ne.”

“Ba su ji ba.”

Ya sake faɗa da ƙarfi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba don wani mutum, kuma na tsani matar nan har cikin raina.

Ta bar shi ya tona tukwanen tana tsaye a kansa, tana cewa kada ya taɓa saiwa. Ya yi 'yan tsibinsa a kan buhu, ya share, ya jira, ya share. Abin da ya tara da kyar ya kai gwangwanin madara. Ya saka musu jiƙaƙƙen kwali, ya matse ya ga ɗigo, ya huda murfi. Na ce ya raba biyu mana, ya sake farawa da rabi, cikin 'yan watanni sun ninka. Ya ce gwangwani aka ba shi, kuma ya yi alkawarin bokiti ya kasa, ba zai ƙara ragewa a kan ragi ba. Ya hau mashin ya haye gada zuwa Grand Hangar. Pa ya yi ta fama da shi ya riƙe wani abu, Ɓoɓɓo ya ƙi. Ya dawo da gwangwanin wayam a aljihu.

Hajiya ba ta kore shi ba, domin yanzu ya zama irin ɗan hayan da take so. Ya koma dako a Sandaga da bayan da ya riga ya mutu. Ba a ƙara ce masa Arɗo ba.

Tukunya ɗaya ce ba ta bari ya taɓa ba a ranar, babba, wai na'ana'ar marigayi ce. Ba a yi wata biyu ba sai ga Suhaib ya ɗauke ɗaya daga durorin Ɓoɓɓo ya wanke ya kai bayan ɗakin uwarsa, aka juye tukunyar a ciki. Ta ji masu lambu suna ta zuwa zaure suna komawa hannu banza. Matar da ta ce gidanta ba maƙabarta ba ne, ita ce yanzu ke tara ɓawon ayaba.

Wata safiya Ɓoɓɓo zai fita kasuwa, ya iske ta tana tuttula wa duron ruwa da buta. Ta ajiye shi a ƙasa kan siminti, hudojin a toshe, kuma tun daga zaure ina hango jajayen abubuwa sun hau bangon robar suna neman hanya. Ya tsaya. Na ga yatsunsa sun dunƙule kamar mai matse shimfiɗa. Busasshen kwali yana nan jibge a ƙofar ɗakinsa, kalma biyu ta isa.

Ta juyo ta ce, “Lafiya, Malam Ɓoɓɓo? Akwai magana?”

Ya dubi duron, ya dube ta.

“Babu, Hajiya. A ƙara musu ruwa, da zafi yau.”

Ya ɗauki gammonsa ya fita.